Ɗigo nawa, kuma fatar wa?

"Maigida, jiya bayan ka fita wani mutum ya zo daga Tudun Wada yana son in haɗa masa man shafawa na ciwon jiki, kwalba mai mil 50, da kanumfari da na'ana'a da kirfa a ciki. Ya ce shi zai shafa, da mahaifiyarsa mai ciwon gwiwa, da yaronsa ɗan shekara uku idan mura ta kama shi. Na ce ya dawo gobe. Ɗigo nawa zan sa?"

Ka yi daidai da ba ka haɗa ba. Kwalba uku za ka yi masa, kuma kirfar ba za ta shiga ko ɗaya ba. Zauna in yi maka lissafin.

Ka fara rarrabe man da ke kan kantar nan gida biyu. Akwai wanda aka matso daga ƙwaya ko 'ya'yan itace, kamar man riɗi, man kwakwa, man zaitun, man gyaɗa da man kaɗe. Waɗannan su ne man sirki, ana shafa su zallarsu. Akwai kuma na ƙananan kwalabe masu duhu, wanda aka tato da tururi daga ganye ko fure ko ɓawo. Ganye tuli guda ake turarawa kafin a samu abin da zai cika ƙaramar kwalba, shi ya sa ƙarfinsa ya wuce na ganyen nesa ba kusa ba. Kanumfarin da ake jefawa a kunu ba ya cutar da kowa, amma tataccen mansa yana saɓule fata. Idan kwalba ta ruɗa ka, ɗiga a farar takarda ka ajiye. Yawancin tataccen mai yana bushewa ya tafi, man sirki kuwa yana barin tabon maiƙo.

Ma'aunin da muke aiki da shi guda ne: mil 1 na tataccen mai kusan ɗigo 20 ne. Saboda haka a kwalba mai mil 10, ɗigo 2 shi ne kashi 1 cikin 100. A mai mil 50 irin wadda mutumin nan yake so, ɗigo 10 ke nan. Idan ka riƙe wannan, sauran duk ninki ne ko rabi. Na ce kusan, domin bakin kwalba ya bambanta, kuma mai kauri ya fi tsinkakke girman ɗigo. A ƙaramar kwalba ɗigo ya isa. In ka tashi haɗa lita guda, ɗauko sirinji ka auna da mil.

Babban mutum mai lafiya, idan jiki zai shafa, kashi 2 cikin 100 ya ishe shi, wato ɗigo 20 a mil 50. Idan wuri ɗaya ne ke ciwo, kamar ƙugu ko kafaɗa, kuma na 'yan kwanaki ne, ana iya kaiwa kashi 3. Fuska ba ta wuce kashi 1, mace mai ciki ma haka, ita kuma sai ta tambayi ma'aikatan awo tukuna. Kuskuren da na fi gani a wurin masu haɗi shi ne su ba kowane mai kasonsa daban: ɗigo 20 na wannan, 20 na wancan, 20 na na ukun, sai a wayi gari kwalbar ta kai kashi 6. Ɗigo 20 ɗin nan jimilla ne. Mai nawa ka zuba, a cikinsa za su raba.

Bayan wannan, wasu mayukan suna da nasu iyaka da ta gaza ta mutum, kuma ƙaramar iyakar ake bi kullum. Kanumfari ba ya wuce rabin kashi 1 cikin 100 ko a jikin ƙato, wato ɗigo 5 a mil 50. Man ɓawon kirfa ya fi shi tsanani, iyakarsa 0.07 cikin 100. Lissafa da kanka: ɗigo ɗaya tak a mil 50 ya kai 0.1, ya riga ya tsallake. Sai kwalba ta kai mil 100 sannan za ta ɗauki ɗigo guda cikin kwanciyar hankali. Dalilin da ya sa na cire ta ke nan. Mutane suna son ta saboda ɗumin da take sawa, suna cewa magani ya fara aiki, alhali wannan ɗumin fata ce take ƙonewa.

To, ga kwalbar shi mutumin. Ka zuba man riɗi ko na kwakwa har kusan wuya, ka sa kanumfari ɗigo 4, na'ana'a 8, man furen lafanda 8. Ashirin cif, kuma kanumfarin bai taɓa iyakarsa ba. Ka rufe, ka murza kwalbar a tafin hannu ta gauraya.

Ta tsohuwa ita ce ke buƙatar ka yi tambaya kafin ka buɗe murfi. Ka taɓa lura da bayan hannun tsofaffi? Idan ka ɗan ɗaga fatar da yatsa biyu, sai ta tsaya a tattare kafin ta koma, jijiyoyi a fili, ƙaramin bugu ya bar shaida. Fatar ta yi siriri, maiƙonta ya ragu, abin da aka shafa yana saurin fusata ta, kuma hanta da ƙoda ba sa fitar da abu daga jiki da saurin ƙuruciya. Ga hunturun Gusau da ke tsattsage ƙafa da ƙwauri, kowace tsaga ƙofa ce. Shi ya sa tsoho kashi 1 cikin 100 ne, ɗigo 10 a mil 50. Idan ya yi rauni sosai ko yana kwance, a raba biyu. Wa Hajiya za ka sa lafanda 6, na'ana'a 2, kanumfari 2.

Amma ka tambayi ɗanta abu biyu. Na farko, tana shan maganin tsinka jini, irin wafarin da ake ba masu ciwon zuciya ko waɗanda jini ya taɓa daskare musu? In tana sha, cire kanumfarin, domin shi ma yana rage daskarewar jini, kuma kada ta haɗa da man zafin kanti mai ƙamshin wintagirin, wanda danginsa ɗaya da asfirin kuma yana ratsa fata ya shiga jini. Na biyu, tana da ciwon suga? Mai sugan da ya daɗe sau da yawa ba ya jin ƙafarsa. Kai da ni idan mai ya yi zafi za mu goge nan take, ita kuwa za ta kwana da shi, sai da safe a ga bororo, kuma gyambo a ƙafar mai suga ba abin wasa ba ne. Idan haka ne, man kaɗe zalla za ka ba ta, ka ce a nuna wa likitanta gwiwar. Na fi son mu rasa cinikin kwalba ɗaya da a ce daga shagon nan ciwon ya samo asali.

Yaron kuwa, abin da uban yake nufin yi shi ne ainihin abin da nake tsoro: a shafa masa na'ana'a a ƙirji da ƙasan hanci don mura. Man na'ana'a, da man itacen turare wanda ake kira yukaliftus, suna iya taƙaita numfashin ƙaramin yaro idan suka kusanci hancinsa. Kafur yana sa yara jijjiga. Waɗannan uku ba sa shiga abin da za a shafa wa ɗan shekara uku, haka kanumfari da kirfa. Abin da za ka iya ba shi shi ne lafanda kaɗai, rabin kashi 1 cikin 100, wato ɗigo ɗaya a kwalba mai mil 10. A shafa a baya, inda hannunsa ba ya kaiwa, domin yaro duk abin da ya taɓa sai ya kai ido ko baki. Kuma ka faɗa wa uban gaskiya cewa wannan ba maganin mura ba ne, ɗan shafi ne don jiki ya saki. Idan akwai zazzaɓi, ko numfashi na sauri, ko haƙarƙari na lotsawa, asibiti za a nufa.

A shagon nan dokata ita ce daga shekara biyu zuwa shida, rabin kashi zuwa kashi 1. Daga shida zuwa sha biyu, kashi 1, in ya yi yawa ɗaya da rabi. Ƙasa da shekara biyu ba na sa tataccen mai ko ɗigo, ko da uwa ta nace. Akwai ma'aunin da masana suka ba jarirai, amma ƙanƙantarsa ta sa kuskuren ɗigo ɗaya yake ninka shi, kuma ba mu san hannun da kwalbar za ta faɗa ba idan ta bar nan. Jariri sabon haihuwa ya fi kowa haɗari. A ƙasar nan akwai yara da yawa, musamman maza, da ake haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, kuma mayukan mantoleta da kafur da ake sa wa cibiya ko kayan jariri suna iya farfasa musu jini har shawara mai tsanani ta kama su. Idan mai jego ta zo neman man cibiya, ka tura ta wurin ungozomar asibiti.

Duk wanda ka ba sabon haɗi, ka ce ya fara gwadawa a cikin dantse, wuri kamar faɗin kwabo, ya bar shi kwana ɗaya zuwa biyu. Idan man ya yi ƙarfi, cikin 'yan mintoci wurin zai yi raɗaɗi, ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran fatar. Idan kuma jikin ne bai karɓi man ba, sai bayan kwana ɗaya ko biyu ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje su fito. Wannan na biyun ya fi muni, domin da zarar jiki ya ƙi mai, yakan ci gaba da ƙinsa ko an tsinka shi, kuma yawan shafa mai ƙarfi ne ke jawo shi. Tsohon mai ma yana jawo shi, shi ya sa nake hana ka barin kwalabe a bakin taga lokacin bazara ko barin murfi a sake. Idan ya ƙona, a goge da man sirki zalla, sannan a wanke da sabulu da ruwa. Idan ido ya shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na kamar minti 15. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti ko da ya yi kamar lafiyarsa lau.

Idan mutumin ya dawo gobe, ka yi masa tambayoyin nan biyu game da Hajiya kafin ka ɗiga komai. Ka sa kwalaben su bambanta da girma yadda ko wanda bai iya karatu ba ba zai ruɗe ba, ka rubuta a kowace ta wane ne, abin da ke ciki, ɗigo nawa, da ranar haɗi, da boko da ajami. Ka ce masa tasa da ta Hajiya a ajiye su a sama inda yaron ba ya kaiwa. In ya ce kwalba uku ta yi masa tsada, ka bar masa ta yaron a kuɗin kwalba kawai, ni na yafe sauran.