Na ci bashin manhajoji uku saboda betin, in ƙara na huɗu in fanshe?

Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da kayan waya a Kasuwar Gumi a nan Kaduna. Na fara betin ƙwallo da naira 500, yau ga shi manhajojin bashi uku suna bi na N210,000, wani abokina kuma N150,000 da na ce masa kaya zan saro. Manhajar ƙarshe ta ba ni N50,000 in biya N62,000 cikin sati biyu. An nuna mini wani wasa mai ods 2 da aka ce tabbas ne. Ina so in ci N100,000 a wata manhajar in zuba, in na ci in rage bashin in daina. Me ka gani?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka karɓi kuɗin nan. Hukuncin caca a addini ka san shi tun kana makarantar allo, don haka ba wa'azi zan yi maka ba, lissafi za mu yi irin na 'yan kasuwa.

Ƙarin N12,000 a kan N50,000 kashi 24 cikin ɗari ke nan a sati biyu. In sabuwar manhajar ta ba ka a kan wannan farashi, dubu ɗarinka za ta zama N124,000 ranar biya. To a ce wasan ya shigo. Kamfanin betin zai ba ka N200,000, ka mayar wa manhaja nata, ka tsira da N76,000, bashinka ya sauko daga N360,000 zuwa N284,000. In kuma tikitin ya yanke, ka wayi gari da bashin N484,000. Wato kana sa dubu 124 a haɗari don neman dubu 76. In wani ya zo shagonka da cinikin caja mai irin wannan fasali, ko kujera ba za ka ba shi ba.

Kuma ods 2 ba ya nufin tabbas. Ma'anarsa kamfanin na ganin abin kusan rabi da rabi ne, har ma ƙasa da rabi, domin ya riga ya cire ladansa a cikin farashin. Ka duba wasan da babu zaɓin canjaras a cikinsa kuma ƙarfin ɓangarori biyu ya zo ɗaya, za ka ga an sa wa kowanne kamar 1.90 maimakon 2.00. Wannan ɗan gibin shi ne abincin kamfani, kusan naira biyar a kowace ɗari. In ka jera wasa goma a tikiti ɗaya gibin yana hawa kan gibi har ya kai kusan naira arba'in a ɗari. Shi ya sa kullum labarin ɗaya ne a bakin masu yi: "wasa ɗaya ne ya yanke ni." Kafin wannan dabara taka ta share bashin gaba ɗaya sai ka ci sau biyar a jere ba kuskure, abin da ko da tsabar kuɗi ake jefawa sau ɗaya yake faruwa cikin 32. Shi kuwa mai sayar maka da "tabbas", da yana da shi, da ba ya neman dubu biyunka a WhatsApp.

Abin da ya fi damuna ba wasan ba ne, yadda manhaja ɗaya ta zama uku ne. Na san hanyar ko ba ka faɗa ba. Ranar biyan ta farko ta zo babu kuɗi, sai ka ci a ta biyu ka toshe. Bi dubu hamsin ɗin nan ka gani: bayan sati biyu ta zama 62,000, ka ciyo wannan ka biya, bayan wata guda ta kusa 77,000, sati shida ta haura 95,000, wata biyu ta wuce 118,000. Ba ka sake buga ko wasa ɗaya ba, bashin ya ninka da kansa har da ɗori. Babu kayan da ake sayarwa daga Kasuwar Gumi har Kasuwar Barci da ke kawo ribar da za ta kamo wannan gudun. Kuma duk sanda ka biya a kan lokaci sai su ɗaga maka adadin da za ka iya karɓa, kai kuma ka ɗauka yabo ne.

Daga nan sai aljihun shago ya fara biya. Alamarsa ba ta ɓuya: ciniki yana tafiya amma kayan kanta suna raguwa, kwastoma ya nemi abu ka ce sai jibi, ka fara karya farashi da yamma don ka haɗa kuɗin da za a cire gobe. Yau da dare ka ƙirga kayan da ke shagon a kan farashin sari, ka gwada da na wata shida baya. Bambancin shi ma bashi ne, kai kake bin kanka, kuma ina zargin ya fi na manhajojin.

Ga yadda nake ganin za ka fita. Fara da raba hannunka da kuɗin, domin alkawarin "na daina" ba ya tsayawa in akwai kuɗi a waya da ƙarfe tara na daren Asabar. Yawancin kamfanonin betin masu lasisi suna da wurin da mutum zai rufe asusunsa da kansa, ko ka rubuta musu su rufe; goge manhaja kaɗai ba ya isa, minti biyu ne ka dawo da ita. Kuɗin POS da tiransifa na shago su riƙa faɗawa asusun da wani yayanka ko amintaccen maƙwabcin shago yake gani, kuma shi zai riƙa tura wa dila kuɗin kaya. Da ciwo, na sani, amma na wata uku ne zuwa shida.

Sannan ka daina cin bashi don biyan bashi, ko da za a yi ta kiran wayarka. Rubuta wa kowace manhaja cewa ba ka iya biya a dunƙule, ga abin da za ka riƙa bayarwa duk sati, kana neman a tsayar da tarar jinkiri. Wasu za su yarda, wasu za su yi barazana. Ajiye shaidar kowane biya. In suka fara tura wa mutanen da ke wayarka saƙon cin mutunci, ka ɗauki hoton saƙonnin ka kai ƙara hukumar kare masu sayayya ta tarayya, FCCPC, wadda tun 2022 take bibiyar masu wannan ɗabi'a kuma take wajabta musu rajista. Amma ƙarar ba ta goge bashin. Masu rajista suna iya kai sunanka ga hukumomin da ke ajiye tarihin masu bashi, tunda BVN ɗinka na hannunsu, ranar da kake neman bashin banki na gaske don shago sai ka tarar an rufe ƙofa.

In shagon zai iya fitar da N25,000 a sati ba tare da an taɓa jari ba, ka ba kowace ɗan abin da kuka yi da ita, sauran ka danna wa wadda ta fi tsadar ruwa har ta mutu, ka koma ta gaba. In sun tsayar da tara, cikin sati tara ka gama da su. In akwai babur ko babbar waya da za ka sayar ka kashe ɗaya nan take, ya fi maka sayar da kayan shago a kan asara.

Saura abokinka, kuma nan ne ya fi wuya. Shi ba ya ɗora maka ruwa, shi ya sa za ka so ka bar shi a ƙarshe kana ta masa "kaya na hanya". Je ka same shi cikin satin nan, kafin saƙon wata manhaja ya riga ka isa wayarsa. Faɗa masa inda kuɗin suka tafi, ka ba shi ko dubu biyar a hannu, ku rubuta ranar da za ka fara biya sosai a gaban shaida ɗaya. Ka kuma roƙe shi kada ya sake ba ka ko sisi, komai labarin da za ka zo da shi.

In ka yi duk wannan amma ka ga hannunka yana komawa, ko barci ya ƙaurace maka, ko tunanin cutar da kanka ya fara zuwa, to abin ya wuce lissafi. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa yana da likitocin da ke duba matsalar jaraba irin wannan. Ka tafi da yayan naka.