Na'urar Wasa ko Laftof ɗin Wasa: Ina Ɗalibi Zai Sa Kuɗinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekara ta biyu a fannin akanta, kuma ina da tsohuwar laftof mai Core i5-8250U da RAM gigabayit 8, amma ta yi nauyi ƙwarai. Ɗan abin da na tara zai saya mini ɗaya ne cikin biyu: ko sabuwar laftof ta wasa mai RTX 3050 na gigabayit 4 da RAM gigabayit 8, idan na sayar da tsohuwar na cika, ko kuma Xbox Series S sabuwa ko PlayStation 5 ta hannu. Ƙwallo na fi bugawa, sai Fortnite jifa-jifa. Wanne ya fi dacewa da ni?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce ka riƙe tsohuwar laftof ɗinka, ka gyara ta, sannan ka sayi na'urar wasa da abin da ya rage, amma da sharaɗi biyu waɗanda dole ka tabbatar da su kafin kuɗi ya bar hannunka. Na farko shi ne tsohuwar ta kasance tana da sauran ƙarfi, na biyu kuma ka kasance kana da talabijin ko allon kwamfuta mai ƙofar HDMI wanda za ka riƙa amfani da shi a inda kake zaune.

Bari mu fara da tsohuwar, domin a kanta lissafin duka ya rataya. Furosesar da ka ambata ba ta tsufa yadda kake zato ba: tana da ƙwaya huɗu, tana cikin jerin da Windows 11 ke karɓa, kuma ta ishi Excel da manhajojin akanta da rubutun furojet ba tare da wahala ba. Yawancin kwamfutocin wancan zamani da ake kuka da nauyinsu, faifan ajiyarsu ne yake riƙe musu ƙafa. Ka danna Ctrl+Shift+Esc, ka shiga Performance, ka dubi Disk. Idan ka ga an rubuta HDD, kuma awon yana makalewa a kashi 100 duk lokacin da ka kunna kwamfutar ko ka buɗe manhaja, to ka gano ciwon, kuma maganinsa shi ne a musanya faifan da SSD. A wannan shafin kuma ka dubi Memory, inda aka rubuta Slots used. Idan ya nuna 1 of 2, akwai gurbin ƙara wani gigabayit 8. Daga nan sai batir. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta:

```
powercfg /batteryreport
```

Zai ajiye rahoto a cikin fayil, ya nuna maka inda yake; idan ka buɗe shi za ka ga lambobi biyu da suka dame mu, wato DESIGN CAPACITY da FULL CHARGE CAPACITY. A ce na farko ya nuna 45,000 mWh, na biyu 27,000 mWh; ka raba na biyu da na farko, ka samu kashi 60 cikin ɗari, ma'ana batirin ya gaji amma zai iya raka ka lacca ɗaya, kuma canza shi ba babban aiki ba ne. Idan kuwa allon ya fara zane, ko maƙalar murfin ta karye, ko kwamfutar tana mutuwa da kanta tana tsaka da aiki, to magana ta canza, domin ɗalibin da ba shi da kwamfutar karatu bai kamata ya sayi na'urar wasa ba ko da kuwa arha ta kai yaya. Na'urar wasa ba za ta rubuta maka aikin gida ba. Xbox tana da burauzar Edge, gaskiya ne, amma wanda ya taɓa ƙoƙarin cike tebur ɗin lissafi a gaban talabijin ya san ba hanya ba ce.

Yanzu ga dalilin da ya sa ban goyi bayan waccan laftof ɗin wasa ba. Ba ƙin laftof ɗin wasa nake yi gaba ɗaya ba. Wadda ke ƙasan jeri ce nake jin tsoro, domin a nan ne masu ƙerawa suke rage abubuwan da mai saye ba ya gani a jikin kwali. Katin hoto, irin RTX 3050 ɗin da ka ambata, yana da nasa wurin ajiyar da ake kira VRAM, inda yake zuba hotunan fili da fuskokin 'yan wasa da duk abin da ido zai gani. Gigabayit 4 ya ishi wasan ƙwallo da Fortnite a yau idan an sassauta ingancin hoto, amma manyan wasannin da suka fito a 'yan shekarun nan da dama suna neman gigabayit 6 ko 8, kuma idan wurin ya cika, abin da za ka gani shi ne wasa yana tafiya lafiya sai ya ɗan ƙame, ya saki, ya sake ƙamewa, bango da ƙasa kuma su fito dishi-dishi. Abin da ya fi muni shi ne ba a ƙara VRAM, kuma ba a canza katin hoton laftof, domin liƙe yake da allon uwa. Abin da ka saya ran farko, shi za ka rayu da shi har ranar da za ka rabu da ita.

Akwai kuma wani abu da masu saye kaɗan ne suke tambaya, wato yawan wutar da aka yarje wa katin ya sha. Laftof biyu suna iya ɗauke da kati mai suna ɗaya, amma ɗaya ta fi ɗaya gudu nesa ba kusa ba. Katin RTX 4050 na laftof, alal misali, ana iya saita shi daga wat 35 har zuwa wat 115, gwargwadon yadda mai ƙerawa ya ga fankokinsa za su iya fitar da zafi. Ana ganin wannan adadi a NVIDIA Control Panel, ƙarƙashin System Information, a layin Maximum Graphics Power. Laftof mai arha kuma siririya kusan kullum tana can ƙasa-ƙasa. Ka haɗa wannan da RAM gigabayit 8 guda ɗaya tilo, wanda Windows da burauza za su cinye fiye da rabinsa kafin wasa ya buɗe, sai ka ga cewa kuɗin da ka zata ya ƙare a ranar saye bai ƙare ba, domin ƙarin RAM yana jiranka a watan farko.

Sannan a matsayin kwamfutar karatu ma, tana iya gaza tsohuwarka ta wasu fuskoki. Irin waɗannan sukan wuce kilo biyu, ban da caja wadda ita ma da nauyinta, kuma idan aka yi wasa a kan batir da wuya ya kai awa biyu, ga shi katin yana rage ƙarfinsa da kansa da zarar an zare caja. Ni a ganina babban haɗarin ma ba wannan ba ne. Wanda ya sayar da tsohuwa ya zuba komai a na'ura ɗaya, ya ɗaura karatunsa da wasansa a igiya guda. Ranar da zafi ya lalata fanka ko ruwa ya zube a kan madannai ana saura mako guda jarrabawa, duka biyun ne suka tsaya.

Na'urar wasa kuwa ƙarfinta yana cikin cewa kayan cikinta iri ɗaya ne a hannun kowa, don haka masu yin wasanni suna auna aikinsu daidai da ita. PlayStation 4 ta fito a 2013, kuma bayan shekara goma ana ci gaba da fitar mata da sabon wasan ƙwallo na shekara-shekara. PlayStation 5 da Xbox Series S duka sun fito ne a Nuwamban 2020, kuma wasan da aka rubuta sunansu a kansa zai yi aiki ba tare da ka zauna kana gwada saiti ba.

Sai dai kuɗin na'urar wasa ba ya ƙarewa a kwali, kuma a nan ne mai laftof yake rama wani abu. Idan kana son buga ƙwallo da abokai ta intanet, sai ka biya kuɗin rajista, PlayStation Plus a ɗaya ɓangaren ko Game Pass a ɗayan, alhali a kwamfuta ba a biyan irin wannan kuɗi a Steam, kuma Epic Games Store yana raba wasanni kyauta kowane mako. Wasannin da ake bugawa kyauta, irin su Fortnite, ba sa buƙatar rajistar a kan kowace daga cikin na'urorin biyu. Saboda haka ka zauna ka lissafa da gaskiya: kuɗin na'ura, da na hannun wasa na biyu idan abokin ɗaki zai riƙa karawa da kai, da na wasan ƙwallon kansa, da rajistar shekara sau yawan shekarun da suka rage maka a makaranta, da SSD na tsohuwar laftof. Idan ƙwallon naka na zaune ne, ku biyu a gaban allo ɗaya, ka cire rajistar daga lissafin gaba ɗaya. Idan kuma sai ka sayi allo daga tushe, ka sa shi a ciki, kuma kada ka yi mamaki idan ratar da ke tsakanin zaɓin biyu ta kusa rufewa.

Tsakanin na'urorin biyu da ka ambata, abin da zai raba gardama shi ne intanet ɗinka. Series S ba ta da wurin sa faifai, don haka kowane wasa sai an sauke shi, kuma manyan wasanni sukan kai gigabayit 50 zuwa 100 ko fiye. Wadda aka rubuta wa gigabayit 512, kusan 364 ne kawai suke zuwa hannunka bayan tsarin na'urar ya ɗebi nasa, wato wasanni manya uku ko huɗu, kuma faɗaɗa ta yana buƙatar kati na musamman wanda ba shi da arha. Ga mai wasa biyu irinka wannan ya isa, matuƙar data ba ta gagare ka ba. PlayStation 5 mai cin faifai ta fi ta ƙarfi sosai, tana da kusan gigabayit 667 na amfani a samfurin farko, kuma faifai yana ba ka damar aro da musaya da sayar da wasan da ka gama, wanda ga ɗalibi ba ƙaramin sauƙi ba ne. Tun da ta hannu ce, kada ka karɓa sai ka sa faifai ka yi wasa na aƙalla rabin awa kana sauraron fanka, ka shiga da asusunka ta intanet domin ka tabbatar ba a toshe na'urar ba, sannan ka saki sandunan hannun ka ga ko ɗan wasa yana tafiya da kansa, domin wannan ita ce cutar da ta fi kama hannayen da suka sha aiki.

Da a ce injiniyanci kake karantawa ko zanen gine-gine, inda za ka riƙa aiki da manhajoji irin su SolidWorks ko Revit, da amsata ta juya, domin a nan katin hoto kayan karatu ne. Ko a wannan halin ma da zan ce ka ƙara haƙuri na wasu watanni har kuɗin ya kai laftof mai RTX 4050 na gigabayit 6 ko RTX 4060 na gigabayit 8, da RAM gigabayit 16, maimakon ka yi gaggawar ɗaukar wadda ka gani.