Wane gilashi ne zai hana ranar yamma shiga falo?

Tambaya: "Tagar falona a Kano tana kallon yamma, daga la'asar ɗakin ba ya zaunuwa. In sa baƙin gilashi, ko mai Low-E, ko in yi rumfa?"

Malam, fara da inuwa daga waje. Farin gilashi yana barin kusan kashi 80 cikin ɗari na zafin rana ya shigo. Baƙin gilashi kuwa shanye zafin yake yi. Taɓa shi da la'asar, za ka ji ya ɗauki zafi rau, kuma wani ɓangare na zafin cikin ɗakin yake komawa, ga duhun da zai sa ka kunna fitila da rana.

Low-E, wato gilashi mai siririn shafi da ke rage ratsawar zafi, iri biyu ne. Akwai na ƙasashen sanyi, aikinsa tsare ɗumi a ɗaki, yana barin rana ta shiga. Wanda kake buƙata shi ne mai mayar da zafin rana baya. Nemi lambarsa ta SHGC, wadda ke nuna yawan zafin ranar da gilashi ke bari ya shigo, ta kasance kusan 0.3 ko ƙasa.

Sai dai rumfar saman taga ba za ta wadatar ba, domin ranar yamma ta gefe take bugowa. Sa asabari ko marfin katako a waje, ka bar tazara iska ta ratsa. Darbejiya ma tana yi, in za ka jira ta girma.