Shin a Kano aka ɗauki hoton ambaliyar nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An turo mana wannan hoto a zauren WhatsApp na unguwarmu, an ce ambaliya ce ta ci wani titi a Kano jiya. Na ga lambar motar da ke ciki ta Kano ce, amma ban gane wurin ba duk da a nan aka haife ni. Ta yaya zan tabbatar? Daga wani mai karatu a Fagge.

Amsa: Wa alaikumus salam. Na buɗe hoton a kwamfuta na ƙara girmansa, na bi shi kusurwa-kusurwa, kuma ina ba ka shawarar ka riƙa yin haka kafin ka yanke hukunci, domin ido yakan tafi kai tsaye wurin ruwa da mutanen da ke tsakiya, alhali shaidar wuri galibi a gefe take, a jikin bango ko a saman shago.

Ka yi daidai game da motar. A saman lambar an rubuta Centre of Commerce, wanda shi ne taken Jihar Kano, haruffa ukun farko kuma KMC ne, wato an yi mata rajista da sunan ƙaramar hukumar Birni da Kewaye, kamar yadda FGE ke nuna Fagge, DAL ke nuna Dala. Rubutun lambar ja ne, abin da ke nuna motar haya ce, don ta gida shuɗi ake rubuta mata, ta gwamnati kuma kore. Sai dai duk wannan bayani inda aka yi wa motar rajista kawai yake faɗa mana, bai faɗi inda take tsaye a ranar ba. Motar haya aikinta yawo, kuma kullum motocin Kano suna bi ta Katsina da Jibiya su shiga Maraɗi, wasu su bi ta Daura su nufi Damagaram. Saboda haka nake raba alamomin hoto gida biyu, masu tafiya da masu zama. Mota, adaidaita sahu, sutura da buhun kaya duk masu tafiya ne. Gini, allon shago, dutsen gefen hanya da bishiya su ne masu zama. Idan biyun suka saɓa, maganar mai zama ake ɗauka.

To, a hotonka sun saɓa. A hannun hagu, bayan mutumin da ya naɗe wandonsa, akwai allon shagon magani da aka rubuta wa Pharmacie, wanda rubutun Faransanci ne, alhali a Kano Pharmacy ko Chemist za ka gani. Kalma ɗaya ba ta ishe ni hujja ba, don mai shago yana iya kwaikwayon sunan da ya burge shi, sai na duba lambar wayar da ke ƙasan allon. Alƙalumanta takwas ne, an jera su bibbiyu. Lambar wayar salula a Nijeriya alƙaluma 11 ce, tana farawa da sifili, kamar 080 ko 070 ko 090, tsohon layin waya na Kano kuma da 064 yake farawa. Alƙaluma takwas a jere bibbiyu tsarin Jamhuriyar Nijar ne. Babu ɗan kasuwar da zai biya mai fenti ya rubuta masa lambar da abokan cinikinsa ba za su iya kira ba, shi ya sa nake ba lambar wayar allo nauyi fiye da kusan kowace alama.

Shaida ta uku ta fito daga bakin titi. Ruwa ya rufe kwalta, don haka ba a ganin layukan da aka ja a kanta, amma akwai wani guntun dutse fari mai jan kai da ya leƙo sama da ruwan. Irin wannan dutsen ƙidayar kilomita gadon Faransa ne, ana samunsa a manyan hanyoyin Nijar. Ɓangaren da motoci ke bi kuwa bai taimaka ba a nan, domin Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, Nijar ma dama take bi. Da an ga motoci suna bin hagu, da sai mu ce ko dai hoton daga ƙasa irin Kenya ko Uganda ya fito, ko kuma an juya shi kamar a madubi, abin da ake ganewa nan take idan rubutun alluna ya koma baibai.

Bishiyoyin ba su raba gardamar ƙasa ba, kuma ina so ka san dalili. Darbejiyar da ke gefen titin tana nan a Kano, tana nan a Katsina da Sakkwato da Maraɗi, don haka iyakar abin da take cewa shi ne hoton na yankinmu ne, ba na kurmi ba inda kwakwar manja da ayaba za su cika bayan hoton. Amma can nesa akwai gawo tsaye babu ganye. Gawo bishiya ce mai saɓa wa sauran, da damina take zubar da ganye, da rani ta yi kore, saboda haka tsiraicinta ya dace da hoton damina na gaskiya. Wato ruwan ba ƙarya ba ne, wurin ne aka sauya masa suna. Shekarar kuwa bishiya ba ta faɗinta, sai ka saka hoton a binciken hoto na Google ka ga ko ya taɓa fitowa a wata daminar da ta wuce.

Hukuncina shi ne ba a Kano aka ɗauke shi ba, a wani gari ne na kudancin Nijar da babbar hanya ta ratsa. Waɗannan alamomi ba su isa a ce Maraɗi ce ko Damagaram ko Tasawa ba, kuma kada ka bari sha'awar kammala bincike ta sa ka ambaci garin da ba ka tabbatar ba. Idan kana son kaiwa ga ainihin titin, ka fara da neman cikakken sunan shagon a taswira, sannan ka daidaita fuskar hoton. Masallacin da ke hannun dama zai yi maka wannan aiki, domin a yankinmu alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa, a Kano kimanin digiri 68 daga arewa, kuma tudun mihirabi da ya ɓullo a bayan bango yana nuna ta. A hoton, tudun mihirabin ya ɓullo ne a ɓangaren masallacin da ke nesa da titin, bangonsa kuma yana tafiya daidai da titin, ke nan titin ya miƙe ne kusan kudu da arewa, masallacin yana gabas da shi. Kada ka dogara da inuwa ita kaɗai wajen wannan, saboda a Kano daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa wajen ƙarshen Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗawa, sauran shekara kuma arewa, ga shi ranar hadari ba ta da inuwar kirki.

Da wannan sai ka buɗe Google Earth, ka bi babbar hanyar kowane gari cikin ukun, kana neman inda ta miƙe kudu da arewa da masallaci a gabas da jerin shaguna a yamma. In ka sami wurin da ya yi kama, kada ka amince sai abubuwa uku masu zama sun dace a lokaci guda: siffar rufin masallacin, tazarar da ke tsakaninsa da titi, da wurin da gawon yake tsaye. Kafin nan, abin da za ka iya rubuta wa mutanen zaurenku da cikakken tabbaci shi ne su dubi allon shagon da lambar wayar da ke jikinsa, su ƙirga alƙaluman da kansu.