Idan saka manhaja ya maƙale a kashi 99

"Oga, ina saka wa kwastoma manhaja a kwamfutarsa, ta kai kashi 99 ta tsaya cak, yanzu kusan minti ashirin ke nan. In ƙara jira ne, ko in soke?"

Ɗauke hannunka daga maɓallin kashewa tukuna, Sani. Layin nan da kake kallo ba agogo ba ne. Kwafe fayiloli shi ke cinye yawancinsa, amma a ƙarshe ne manhajar take rubuta bayananta a rajistar Windows, ta saka direbobi, ta tayar da ayyukan da ke gudana a bayan fage. Nan ne katsewa ta fi yin ɓarna, kuma nan ne layin ya fi daɗewa bai motsa ba.

Fara da danna Alt+Tab. Shekaran jiya na ɓata rabin awa kan direban wata firinta, ashe wata ƙaramar taga ce ta ɓuya a baya tana neman izinin saka direban. Ina amsa mata, ko minti ɗaya bai cika ba aka gama.

In babu tagar da ke jira, danna Ctrl+Shift+Esc don buɗe Task Manager, ka nemi shirin da ke sakawar, galibi msiexec.exe ko setup.exe. Dubi CPU da Disk nasa. Muddin lambobin suna hawa suna sauka, aiki yake yi, ka jona caja ka ba shi lokaci. Tsohuwar kwamfuta mai ma'ajiya mai juyawa, ga kuma manhajar kashe ƙwayar cuta tana bincikar kowane fayil, tana iya cin awa guda. Amma in ka zuba ido minti goma sha biyar kana ganin sifili, babu motsi ko kaɗan, to ya maƙale da gaske.

Nan ma sokewa iri biyu ce. In ka danna Cancel na cikin tagar, Windows Installer zai bi sawun abin da ya yi ya warware, ya mayar da tsofaffin fayilolin da ya adana a C:\Config.Msi. Za ka ga layin yana komawa baya. Bar shi ya ƙarasa. Amma End task ko cire wuta na iya barin manhajar rabi a ciki rabi a waje, ba ta buɗuwa, ba ta gogewa. Sai Cancel ya ƙi amsawa sam ake zuwa nan, kuma da ka yi, ka sake kunna kwamfutar kafin ka sake gwadawa, don kada ka ci karo da kuskure 1618, wato tana ganin akwai wata sakawar da ke gudana.

Abu ɗaya ne ban yarda ka taɓa ba ko da wane dalili: sabunta BIOS. In shi ne ya tsaya, kada ka danna komai, kada ka cire caja, ka kira ni.

Je ka duba Alt+Tab ɗin, ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani.