Harajin saye da harajin sayarwa: nawa ƙaramin shago zai biya, yaushe kuma zai bi hukuma bashi?

Tambaya: Ina da ƙaramin shago kuma na yi rajistar harajin VAT. An ce mini akwai harajin da nake biya da wanda nake karɓa, wai bambancinsu kawai zan kai wa hukuma. A watan jiya na yi sari mai yawa amma ciniki bai taka kara ya karya ba. Yaya zan yi lissafin, kuma da gaske ne hukuma za ta iya mayar mini da kuɗi?

Amsa: Malam, fara da riƙe abu guda: harajin nan ba daga aljihunka yake fita ba, daga aljihun wanda ya sayi kaya don amfanin kansa yake fita. Kai ɗan aike ne tsakaninsa da hukuma. Idan ka je sari, dila yana ɗora maka haraji a kan farashi, wannan shi ne harajin saye. Idan ka sayar, kai ma kana ɗora wa mai saye, wannan shi ne harajin sayarwa. A ƙarshen kowane zango, wata ɗaya ne ko wata uku gwargwadon dokar ƙasarku, sai ka ɗebe jimillar harajin saye daga jimillar harajin sayarwa. Idan akwai saura, shi za ka biya. Idan harajin saye ne ya fi yawa, kai ke bin hukuma.

Bari mu bi lissafin wata uku a jere. Zan ɗauka harajin kashi 10 cikin ɗari ne don lissafi ya yi sauƙi, kai kuma sai ka sa adadin da ake aiki da shi a wurinku.

A wata na farko, ka tara cinikin kowace rana ya kama 880,000. A nan ne mafi yawan masu shago suke fara tuntuɓe. Farashin da kake gaya wa mai saye ya riga ya haɗa da haraji, don ba ka cewa “ga kuɗin kaya, ga na haraji” a kan kowane abu. Saboda haka 880,000 ɗin nan kashi 110 ne, ba kashi 100 ba: 100 kuɗin kaya, 10 haraji. Harajin da ke ciki ana fitar da shi ta hanyar ninka jimillar da 10, a raba da 110, wato dai a raba ta gida 11. Sakamakon 80,000 ne, ainihin kuɗin kaya kuma 800,000. Wanda ya ɗauki kashi 10 na 880,000 kai tsaye zai sami 88,000, ya kai wa hukuma 8,000 da bai karɓa daga hannun kowa ba, kuma haka zai riƙa yi duk wata ba tare da ya san inda ribarsa take zurarewa ba. Ƙa’idar ɗaya ce ko nawa ne adadin: idan kashi 5 ne, 5 bisa 105, idan kashi 20 ne, 20 bisa 120, wato kashi ɗaya cikin shida. Gwajinta kuwa mai sauƙi ne. Ka ɗora harajin a kan kuɗin kayan da ka fitar, in bai mayar da kai ga jimillar da ka fara da ita ba, akwai kuskure.

Yanzu ɓangaren saye. A watan ka yi sari wurin wani babban dila, rasit ya nuna kaya 500,000, haraji 50,000. Ka kuma biya kuɗin wutar shago 20,000 da harajinsa 2,000. Sannan ka sayi kayan 110,000 wurin wani ɗan kasuwa da bai yi rajista ba, ya rubuta maka jimilla a ’yar takarda. Harajin sayen da za ka iya ɗebewa 52,000 ne kawai. Wancan 110,000 ɗin ba za ka raba shi gida 11 ka ce akwai 10,000 a ciki ba, domin wanda bai yi rajista ba ba shi da ikon karɓar harajin, kuma babu abin da ya kai wa hukuma da sunan cinikinku. To 80,000 a ɗebe 52,000, saura 28,000. Shi ne abin biya na wata na farko.

Tsaya kaɗan a kan rasit, don shi ne ƙashin bayan harajin saye. Abin da jami’in haraji yake nema a jikinsa shi ne sunan mai sayarwa da lambar rajistarsa, lambar rasit ɗin da kwanan wata, bayanin kayan, farashi kafin haraji, sai adadin harajin a rubuce daban. A ƙasashe da yawa, idan kuɗin ya kai wani mizani, dole sunanka ko sunan shagonka ya fito a matsayin mai saye. Rasit ɗin da ya rasa lambar rajista, ko aka rubuta shi da sunan ɗan’uwanka da ka aika, ana iya soke shi a lokacin bincike, sai a ce ka biya harajin da ka ɗebe har da tara. Rasit ɗin na’ura mai siririyar takarda kuma rubutunsa yana dusashewa cikin ’yan watanni, musamman in ya sha zafi, don haka ka ɗauki hotonsa ranar da ka karɓa. A ganina, dilan da ya rage maka ɗan abu amma ya hana ka cikakken rasit yawanci ya fi tsada, tunda harajin da ba za ka iya ɗebewa ba ya koma cikin kuɗin sari.

Wata na biyu shi ne irin naka. Ka cika shago: sarin 900,000 da haraji 90,000. Ka sayi firiji na shago 150,000 da haraji 15,000. Ciniki kuma ya ja baya zuwa 660,000, wanda harajin da ke cikinsa 60,000 ne. Harajin saye 105,000, na sayarwa 60,000, kana bin hukuma 45,000. Lura da cewa ba sai ka sayar da kayan ba kafin ka ɗebe harajinsu. Ana ɗebe shi a zangon da aka ba ka rasit, ko da rabin kayan suna nan jibge a sito. Shi ya sa watan babban sari yake fitowa da rara, kuma ba alamar asara ba ce. Sai dai ka duba batun firijin da kuɗin wuta a dokarku: yawancin ƙasashe suna yarda a ɗebe harajin kayan aiki da hidimomin shago, amma akwai masu taƙaita ɗebewar ga kayan da aka saya don a sake sayarwa. A irin wannan wuri rararka 30,000 ce, ba 45,000 ba.

Za a ba ka kuɗin a hannu? Haƙƙinka ne, amma hanyoyi biyu ake bi. Wasu hukumomi suna mayarwa cikin asusun banki bayan ka nema. Wasu kuma suna tura rarar zuwa zango na gaba, sai ta daɗe ko ta kai wani adadi kafin a yarda ka nemi tsabar kuɗi. Ga ƙaramin shago, turawa gaba ta fi sauƙi, don neman a mayar da kuɗi yakan jawo a buƙaci ganin rasitai ɗaya bayan ɗaya. Dubi yadda take warware kanta a wata na uku: ciniki ya farfaɗo zuwa 990,000, harajinsa 90,000. Sari kaɗan ka yi tunda akwai kaya a ƙasa, harajin saye 30,000. Bambanci 60,000, a ɗebe rarar 45,000 ta baya, ka biya 15,000. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka ƙi shigar da takardar wata na biyu don kana ganin ba a bin ka komai. Rarar da ba a bayyana ba babu ita a littafin hukuma, kuma tarar rashin shigar da takarda daban take da ta rashin biya.

Akwai wani wuri da lissafi yake karkacewa idan shagonka yana sayar da kaya iri-iri. Doka takan ware wasu kaya a kan haraji sifili, wasu kuma ta yafe musu haraji gaba ɗaya. A wurin mai saye duk ɗaya ne, bai biya komai ba. A wurinka ba ɗaya ba ne. Kayan da ke kan sifili suna cikin tsarin harajin, don haka kana ɗebe duk harajin sayen da ya shafe su. Kayan da aka yafe kuwa suna wajen tsarin, harajin da ka biya dominsu ba ya dawowa. Abin da ya haɗa ɓangarorin biyu, kamar wuta, sai a raba shi bisa yawan ciniki: idan kashi 80 na cinikinka mai haraji ne, kashi 20 yafaffe, daga 2,000 ɗin wuta 1,600 za ka ɗebe. Kuma dole ka ware cinikin waɗannan kaya tun a littafin yini, in ba haka ba za ka raba jimilla duka gida 11 ka biya haraji a kan abin da ba ka ɗora wa haraji ba.

Bashi ma yana da nasa tarko. A tsarin da aka fi bi, harajin sayarwa yana hawa kanka ranar da ka ba da kaya ko ka rubuta rasit, ba ranar da aka biya ka ba. Ka ba da kayan 110,000 bashi, 10,000 ya shiga lissafin wannan watan ko mai bashin bai kawo ko sisi ba. Wasu ƙasashe suna ba ƙananan ’yan kasuwa damar lissafi bisa kuɗin da ya shigo hannu, amma yawanci sai an cika sharuɗɗansa, kuma a nan kai ma ba za ka ɗebe harajin sari ba sai ka biya dila. Kayan da ka ɗauka zuwa gida kuma, tunda ka riga ka ɗebe harajinsu, ana lissafa su tamkar ka sayar wa kanka. In kuwa ka mayar wa dila kaya, ka karɓi takardar ragi daga wurinsa ka rage harajin saye da adadin da ke ciki.

Ga hanyar auna kanka. Haɗa watanni ukun nan: harajin sayarwa 230,000, harajin saye 187,000, bambanci 43,000, daidai da 28,000 da 15,000 da ka biya. Idan jimillar abin da ka biya ba ta yi daidai da wannan bambanci ba, ko dai an manta da rarar baya ko an ɗebe ta sau biyu. Shagon da ke sayar da kaya masu cikakken haraji da riba, rara takan zo masa ne jefi-jefi. In ka ga tana fitowa wata huɗu ko biyar a jere alhali kaya ba sa taruwa a sito, to akwai cinikin da ba ya shiga littafi, ko rasit ɗin sari da aka shigar sau biyu, kuma wannan ne abin da mai bincike zai fara dubawa.

A aikace, duk yamma ka raba cinikin kaya masu haraji gida 11 idan harajin kashi 10 ne, ko ka bi ƙa’idar nan da adadin da ake aiki da shi a wurinku, ka ware wannan kason a asusu daban. Kuɗin sari na gobe kada ya taɓa shi sai ka rufe lissafin zango ka ga nawa ne ya zama naka bayan an ɗebe harajin saye.