Talla ko Biyan Wata: Amsa ga Mai Rajista 3,000

Tambaya: "Yaya, mutum 3,000 suka yi rajistar wasiƙar da nake turawa ta imel duk mako. In nemi masu talla ne, ko in fara karɓar kuɗin wata?"

Amsa (an rubuto daga murya):

Salamu alaikum. Ƙanwata, na ji saƙonki, ki yi haƙuri da jinkiri. To, wannan 3,000 ɗin ki ɗan ajiye ta gefe tukuna. Ki buɗe wasiƙu huɗu na ƙarshe, ki duba mutum nawa suka danna linki a kowace. Ban ce waɗanda suka buɗe ba fa. Tun 2021 manhajar imel ta Apple take ɗauko hotunan cikin saƙo da kanta, sai lissafinki ya nuna an buɗe, alhali mai wayar ma barci yake yi. Shi ya sa za ki ga kashi 45 cikin ɗari, ki yi ta murna, mai talla kuwa ya san wannan zancen, dannawa zai tambaye ki.

Bari mu yi lissafi, amma misali ne kawai. Talla yawanci da dubu-dubu ake cinikinta, wato nawa za a biya kan kowane mutum dubu da saƙon ya je wa. A ce kun daidaita a dala 25. Dubu uku, dala 75 ke nan a wasiƙa ɗaya, 300 a wata. Amma fa sai in duk mako akwai mai talla, kuma a farko da wuya. In biyu kika cike, 150 kika tashi da ita. Kuma ke ce mai nemansu, ke ce mai bin kuɗi.

Yanzu biyan wata. A ce mutum biyu cikin ɗari suka yarda, 60 ke nan, kowa dala 5. Ita ma 300 ce a baki. In a Substack kike, wato dandalin tura wasiƙun imel, za su cire kashi 10 cikin ɗari, dala 30. Stripe, masu karɓar kuɗin kati, su ma suna cirar kusan kashi 3 da kuma santi 30 a kowane biya. Wannan santi 30 ɗin mutane ke rainawa, amma a kan dala 5 kashi 6 ne cif. Abin da zai shigo hannunki dala 240 ne da 'yan kai. Shi ya sa nake son biyan shekara, sau ɗaya za a cire santin maimakon sau 12.

Sannan ga yoyo. In mutum uku suna fita duk wata, wani ya gaji, wani katinsa ne ya ƙare bai ma sani ba, a shekara 36 ke nan daga cikin 60. Kin ga sai kin samo sababbi uku duk wata kafin ma ki tsaya inda kike.

Ni dai, in ni ce ke, ba zan rufe komai ba tukuna. Ki rubuta wasiƙa ɗaya ki ce, ga ƙarin da zan riƙa yi wa masu biya, ga farashi, mai so ya danna nan. Ki ƙirga, ki raba biyu, don baki ya fi aljihu saurin cewa e. In abin da ya rage bai kai 30 ba, ki kama talla, kuma ki nemi wanda hajarsa ta dace da abin da kike rubutawa. Bayan kwana uku ki aika masa adadin dannawa tun bai tambaya ba. Wannan ke dawo da masu talla.

Af, kada in manta, batun ƙara mutane. Na taɓa yin gasa, kyauta ga wanda ya yi rajista. Sunaye suka yi ta zuba, na ce kakata ta yanke saƙa. Ashe kyautar suka zo nema. Dannawa ba ta motsa ba, wasu ma suka riƙa kai ƙarata a matsayin saƙon banza, har na ainihin masu karatuna suka fara faɗawa akwatin shara. Da hannuna na goge sunayen 'yan gasar. Abin da ya yi mini aiki shi ne musaya da marubuciya mai irin masu karatuna, ta ambace ni, na ambace ta. Kaɗan suke zuwa, amma suna zama.

Ki turo mini lissafin dannawar nan huɗu a gefe, mu duba tare da daddare.